BA ALFARMA MUKA JE NEMA BA: YARINYA MAI RAUNIN JI DA ZAUREN JARABAWA

Jama'a ku yi haƙuri, yau zan ɗan tsawaita. Mako uku ke nan abin yana cina a rai. Na so in yi shiru tunda an fara gyarawa, to amma na san ba gidanmu kaɗai ba ne, kuma yanzu ne lokacin da makarantu suke rijistar 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Wanda ya bari wannan lokacin ya wuce shi, sai dai ya yi ta zarya a banza.

Ina da 'ya, 'yar yayana ce, a hannuna take karatu. Tana shekara tara ta yi sanƙarau. Allah ya tashi kafaɗarta, amma ciwon ya tafi da rabin jinta. Tana magana sarai, Hausarta ba ta da wata matsala, in kana gabanta tana kallon bakinka za ku yi hira har ka manta da akwai wani abu. Tana sa na'urar taimakon ji a kunnen dama, ƙarƙashin hijabi. Yanzu tana SS3 a wata makarantar kuɗi da ba zan ambaci sunanta ba, don ba tozarci na fito yi ba.

Ranar jarabawar Tattalin Arziki ta ƙarshen zangon farko, an zaunar da su bisa jerin lamba, lambarta ta kai ta can layi na biyu daga baya, kusa da tagar da janareta yake. Bayan an fara, mai sa ido ya tsaya a gaba ya ce akwai kuskure a takarda, a sashe na biyu tambaya huɗu za a amsa ba uku ba. Da baki ya faɗa, bai rubuta a allo ba. Ita kanta yana duƙe tana rubutu. Ta amsa uku. Da lokaci ya cika ya ce a ajiye biro, kowa ya ajiye, ita tana ta rubutu. Ya sake faɗa, tana ta rubutu. Ya zo ya fizge takardar, garin haka hijabinta ya zame, ya ga abu a kunnenta. Shi ke nan. Wai ya kama mai satar amsa da bulutut. A gaban yara sama da saba'in ya sa ta cire, ya ɗaga sama yana nunawa.

Da ta dawo gida ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce da ni kawai shi ne, "Baffa, ni na haƙura da jarabawar nan, a bar ni in koyi ɗinki." Ban raina ɗinki ba, mahaifiyarmu da shi ta riƙe mu. Amma yarinyar da take zuwa cikin goman farko a ajinsu, ta ce ta haƙura saboda wani bai iya ɗaukar alli ya rubuta kalma biyar a allo ba? Haba jama'a.

Mai sa idon nan ban ma cika ganin laifinsa ba. Sabon malami ne, babu wanda ya gaya masa. Tambayar ita ce, me ya sa babu wanda ya gaya masa? Shekararta shida a makarantar. Kowa ya sani, daga maigadi har shugaban makaranta. Amma da na je na ce a ɗauko mini fayil ɗinta, babu layi ɗaya da ya ambaci kunnenta. Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekarata goma sha takwas ina bin fayil daga tebur zuwa tebur, kuma abu na farko da aka koya mana shi ne duk abin da ba a rubuce yake ba, to bai faru ba. Na san wannan a ofis, na kasa aiki da shi a gidana. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Washegari na zauna da shugaban makarantar da jami'in jarabawarsu. An ba da haƙuri, an ce za a duba makinta "da idon rahama". Na ce ni ba rahama na zo nema ba, na zo ne a kan jarabawar fita, WAEC da NECO. Na tambayi jami'in, a rijistar da kake shigarwa, me ka sa mata a gurbin nakasa? Ya ce babu. Na ce don me? Ya ce, "Yallaɓai, ai tana magana. Kuma ni a ganina rufin asiri ne, kar a ɓata mata takardu." Shi kuwa shugaban makaranta cewa ya yi, "Alhaji, in muka ware ta muka ƙara mata lokaci, sauran iyaye za su ce mun yi son kai. Jarabawa ai kowa daidai yake."

Wannan maganar ta "kowa daidai yake" ita ce ta sa ni wannan rubutun, domin na ji ta a bakin mutane masu ilimi da yawa, har da abokan aikina. Tana da daɗin ji, amma ku tsaya mu auna ta.

Jarabawar Tattalin Arziki me take aunawa? Ko yaro ya san buƙata da wadata, ko ya san hauhawar farashi. Ba ta auna ko yana jin muryar mutum daga nisan mita goma ana kaɗa janareta. In ka yi gyara da baki, yara saba'in suka ji, ɗaya ba ta ji ba, to ba jarabawa ɗaya suka yi ba. Su an ba su umarni cikakke, ita an ba ta guntu. Rashin daidaiton yana nan tun kafin a yi maganar gyara, gyaran shi ne yake kawar da shi. Yaro mai tabarau wa ya taɓa ce masa ya cire don sauran ba su da shi? Babu. To na'urar kunne tabarau ce ta kunne, ba ƙari ba ragi.

Amma kar in tsaya a kan hujjar baki. Abin da ya juya zancen a ofishin nan wata takarda ce guda ɗaya, kuma ita nake so duk mai yaro irin wannan ya sani.

Sunanta odiyogiram, wato takardar awon ji. Ana yin ta a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ba allura ba tiyata. Ana shigar da yaro ɗaki marar hayaniya, a sa masa abin sauraro a kunne, a riƙa sako masa sauti, duk wanda ya ji ya danna maɓalli ko ya ɗaga hannu. Kunne ɗaya bayan ɗaya. Abu biyu ake canzawa. Na farko kaurin sautin ko sirantakarsa, daga mai kauri irin na ganga zuwa siriri irin na fito, shi ne lambobin da za ka gani a jere a saman takardar, 250, 500, 1000, 2000, 4000, 8000. Na biyu ƙarfinsa, ana auna shi da desibel, shi ne lambobin da suke gangarowa a gefe. Abin da ake nema shi ne mafi ƙarancin ƙarfin da yaron zai iya ji a kowane sauti. Mai lafiyayyen kunne yana ji tun ƙarfin bai wuce 20 ba. Duk yadda lambar ta ƙaru, haka raunin ya ƙaru.

Ga nata. A kunnen dama, wanda shi ne mai dama-dama: a 500 tana farawa daga 45, a 1000 daga 55, a 2000 daga 65, a 4000 daga 75. In ka haɗa huɗun ka raba huɗu, 60 ke nan. Na hagu ya ba da 70. Likitan ya nuna mini cewa a kan wannan takardar, sautukan maganar yau da kullum suna zaune ne tsakanin kusan 20 da 60. Kuma ba wuri ɗaya suke ba. Wasula, su a da o da u, masu kauri ne masu ƙarfi, suna ɓangaren da take da sauran ji. Amma baƙaƙe irin su s da f sirara ne marasa ƙarfi, suna can wajen 4000 zuwa sama, inda ita sai an kai 75 take fara ji. Kun ga abin da hakan yake nufi? Tana jin ana magana, amma ba ta jin me aka ce. In ka ce "sata" ko ka ce "fata", abin da yake isa kunnenta "a-a" ne duka biyun. Da leɓenka take rarrabewa. Shi ya sa in kana gabanta lafiya lau, in ka juya baya ko ta sunkuyar da kai ka ɓace mata.

Wannan ne amsar masu cewa "ai tana ji in ta ga dama". Wallahi na sha jin wannan har a cikin dangi. Ba ganin dama ba ne. In ka kira sunanta da ƙarfi za ta waiwayo, don ta ji ƙara. Wannan daban, gane jimla daban.

Sai nisa. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, sauti yana raguwa da kusan desibel 6. Daga mita ɗaya zuwa biyu an rasa 6, zuwa huɗu 12, zuwa takwas 18. A cikin ɗaki raguwar ba ta kai haka ba saboda bango yana dawo da sauti, sai dai abin da bangon yake dawowa da shi amsa-kuwwa ce, tana ƙara dagula maganar ne. Za ku ce ai tana da na'ura. E, tana da ita. Amma na'urar ji ta fi amfani in mai magana yana kusa, kamar mita ɗaya zuwa biyu. Kuma ba ta san wace ce muryar malami wace ce ƙarar fanka ba, duk abin da ya fi kusa shi take ƙara wa ƙarfi. Yarinya a layin baya kusa da janareta, abin da na'urarta take kawo mata janareta ne.

Da na shimfiɗa takardar nan a kan tebur na yi wannan bayanin, shugaban makarantar ya yi shiru. Ba don na fi shi baki ba. Don yanzu abin ya tashi daga "Alhaji yana son a yi wa 'yarsa gata" ya koma lamba da sa hannun likita.

To ga abin da na koya game da neman gyaran kansa, kuma a nan ne mafi yawanmu muke faɗuwa.

Ɗalibin makaranta ba shi yake yi wa kansa rijistar WAEC ko NECO ba. Makaranta ce take shigar da bayanansa, ita ce kuma take magana da hukumar jarabawa a madadinsa. Hukumar ba ta san 'yarka ba, abin da aka shigar mata ta sani. In an shigar da ita a matsayin marar wata lalura, to ranar jarabawa sufabaizan da za a turo baƙo ne, da jerin sunaye zai zo, kuma a jerin nan babu alamar komai a gaban sunanta. In ya ga abu a kunnenta, ƙa'idarsa ta ce na'ura ba ta shiga zaure. Me kake so ya yi? Ka zo kana masa rantsuwa a bakin ƙofa ƙarfe tara saura? In ya yarda ya sa aikinsa a haɗari, in ya ƙi ka ce mugu ne. Kuma abin da ya faru a jarabawar zango, in ya faru a ta fita, ba faɗan malami ba ne. Rahoton satar amsa ne, ana iya riƙe sakamako watanni ana bincike, lokacin neman gurbin jami'a ya wuce.

Hukumomin suna da tanadi. WAEC duk shekara in za ta fitar da sakamako tana faɗin adadin masu buƙata ta musamman da suka zauna, tana ware masu raunin gani da masu raunin ji. JAMB tun 2017, zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da yake shirya wa makafi da wasu masu lalura jarabawa a cibiyoyi na daban, har da Kano. Wato ƙofar tana nan. Amma tanadin yana bin wanda aka rubuta ne. Jami'in da ya sa "babu" don ya rufa mata asiri, da kyakkyawar niyya ya rufe mata ƙofar.

Saboda haka na rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta, shafi ɗaya. Na sa cikakken sunanta kamar yadda yake a rijista, ajinta, da jarabawar da ake magana a kai. Na faɗi lalurar a layi biyu, na maƙala kwafin odiyogiram da wasiƙar likita. A nan ku kula: da farko likitan ya rubuta mini cewa yarinya tana da raunin ji, a taimaka mata. Na koma na roƙe shi ya sake. "A taimaka mata" ba ta ɗaure kowa. Na ce ya rubuta matakin raunin a kowane kunne, cewa na dindindin ne, cewa tana amfani da na'urar ji kuma dole ta sa ta lokacin jarabawa, cewa na'urar ba ta waya ba ce, sannan abin da raunin yake hana ta a cikin babban zaure. Ya sa hatimin asibiti da kwanan wata. Kuma awon sabo muka yi, don wanda muke da shi tun tana firamare ne, kowa zai iya cewa ya tsufa.

Sannan na faɗi abin da nake nema ɗaya bayan ɗaya, ban bar wa kowa ya yi mini hasashe ba. A gyara rijistarta a nuna tana da raunin ji kafin a rufe. A zaunar da ita a layin gaba, inda za ta ga fuskar mai magana, nesa da janareta, kuma tunda kunnen dama ne mai na'ura, ya zama shi ne yake fuskantar inda ake sanarwa. Duk wani umarni ko gyara a rubuta shi a allo, a zo a nuna mata, a tabbatar ta gani. A sanar da ita farawa, da saura minti goma, da tsayawa, ta hanyar rubutu ko taɓa teburinta. A bar ta da na'urarta da batir na ko-ta-kwana, sufabaiza ya duba su kafin a fara in yana so. Sai ƙarin lokaci bisa ƙa'idar hukumar.

Ku dubi jerin nan da kyau. In ka cire na ƙarshe, wanne ne yake cin naira ɗaya? Kujera ce da alli.

Ƙarin lokacin shi ne inda aka fi ja da ni, kuma zan yi adalci, ba kowane mai raunin ji ne yake buƙatarsa ba. Wanda kunnensa ya samu matsala yana babba, bayan ya gama ƙwarewa a harshen da ake jarabawa da shi, sau da yawa rubutaccen umarni ya ishe shi. Amma ita tana shekara tara abin ya same ta. Hausa ta riga ta zauna mata, Turanci kuwa lokacin take fara kama shi. Sauran yara sun yi shekara takwas suna tsintar Turanci a iska, a bakin malami, a rediyo, a fim, ba tare da sun ma sani ba. Ita duk abin da ta sani da ido ta same shi. Kuma Turanci yana rataye ma'ana a kan ainihin sautukan da ba ta ji, ƙaramin s ɗin ƙarshen kalma da yake nuna jam'i, da ɗan sautin ƙarshe da yake nuna aiki ya wuce. Don haka doguwar tambaya mai lanƙwasa sai ta karanta sau biyu ko uku. Malamin Turancinsu, Allah ya saka masa, shi ya kawo shawarar a gwada. Ya ba ta nassi da tambayoyi a lokacin da aka saba, ta amsa kashi uku cikin huɗu, kusan duk daidai, sauran ba ta kai gare su ba. Ya ba ta wani makamancinsa ya ƙara mata kwata na lokacin, ta gama. Wannan shi ne alamar da ake dubawa. Yaron da bai san abu ba, ko kwana ka ba shi ba zai sani ba. Wanda ƙarin lokaci yake ɗaga makinsa sosai, dama ya sani, lokaci ne yake yanke shi. Makaranta ta yarda a jarabawoyinta na cikin gida za ta ƙara mata minti 15 a kowace awa, takardar awa biyu ta zama awa biyu da rabi. Wannan ma hujja ce a gaba, don ya nuna haka aka saba yi mata, ba ranar jarabawar fita aka ƙirƙiro ba.

Akwai kuma iyakar abin, kuma ya kamata mu iyaye mu san ta don kar mu ɓata hujjarmu da kanmu. Gyara ba ya taɓa tambaya, ba ya taɓa maki. Ba a sauƙaƙa mata tambaya, ba a yi mata bayanin ma'anar kalmar da ake jarraba ta a kai. Ko yaron da yake buƙatar tafinta na maganar hannu, aikin tafintan isar da umarni ne, ba taya shi tunani ba. Masu tsoron a fake da lalura a yi maguɗi ba mahaukata ba ne, duk mun san abin da ake yi a wasu cibiyoyin. Amma maganin wannan takardar asibiti ce da duba na'ura a gaban kowa. Ba a hana mai gaskiya haƙƙinsa don ana tsoron ɓarawo, balle ma ɓarayin jarabawa na ainihi ba da na'urar likita suke zuwa ba.

Wuri ɗaya da har yanzu yake damuna shi ne takarda ta uku ta Turanci. A tsarin da aka daɗe ana bi a Najeriya, tambaya 60 ce cikin minti 45, a rubuce ake yi, amma duk a kan sauti: wace kalma ce take da wasali irin na wannan, wace gaɓa ake dannawa, waɗanne kalmomi ne ƙarshensu yake amo ɗaya. JAMB ma tana da irin wannan sashen a Turancinta. Mai ji yana furta kalmar a ransa ya ji amonta. Ita sai dai ta haddace kamar lissafi. Kuma kun san ba kiredit a Turanci, ba jami'a. Wannan ba hurumin makaranta ba ne, na hukumar jarabawa ne, don haka na sa a wasiƙar cewa makaranta ta nemi hukumar ta faɗa a rubuce tsarin da za a bi da ita a wannan takardar. Kafin nan malaminta yana koya mata alamomin sauti da ƙa'idojin dannawa da ido, a gaban madubi.

Na kai wasiƙar kwafi biyu. Ɗaya na ba su, ɗaya na sa aka buga mini hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu, na dawo da abata. Sakataren yana ta mamaki wai kamar wata ma'aikata. Na ce e. Ranar da aka ce "ba mu samu ba", wannan kwafin ne zai yi magana. Na kuma ce ina son ganin takardar rijistar da aka gyara da idona, da kwafin wasiƙar da suka aika wa hukumar.

Ban so in kawo maganar doka ba, amma da shugaban ya sake cewa "za mu duba yiwuwar taimakawa", sai na tuna masa a hankali. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta hana kowane mutum ko hukuma nuna wariya saboda nakasa. Ta sa tarar naira miliyan ɗaya a kan kamfani ko ma'aikata, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Ita ce ta samar da Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2020. Kafin ita ma, tun 2010 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda sashe na 24 nata ya wajabta irin wannan gyaran a harkar ilimi. Ba kotu nake nufin zuwa ba, shi ma ya sani. So nake kalmar "taimako" ta fita daga zancen.

Yanzu bari in juyo gida, don in na tsaya a kan makaranta na yi rashin gaskiya. Wanda ya fi ba ni wahala a wannan lamarin yayana ne, mahaifinta. Da na gaya masa za a rubuta a rijista, cewa ya yi, "Kai yanzu so kake ka sa a rubuta wa 'yata kurma a takardar gwamnati? Mace ce fa. Gobe wa zai aure ta?" Na ce, "Yaya, wanda zai aure ta ba rijistar WAEC zai duba ba, da ita zai zauna, kuma rana ɗaya ta isa ya gane. Amma in aka rubuta mata satar amsa, wannan fa?" Mun yi kwana biyu ba ma magana sosai. Mahaifiyarta ce ta raba gardamar, ta ce ita ta ga fuskar yarinyar ranar da ta dawo, a rubuta.

Mu haka muke. Muna ɓoye yaro da sunan rufin asiri, mu saya masa dogon hijabi ko hula, mu ce kar kowa ya sani, sannan ranar da aka wulaƙanta shi mu ce mutane ba su da imani. Ta yaya za su yi imani da abin da muka ɓoye musu? Kuma mai raunin ji ma ya fi samun sauƙi, don yana da takarda mai lamba. Yaron da yake da matsalar karatu irin wadda ake kira disleksiya, mai kaifin basira a baki amma haruffa suna rikice masa, shi ba odiyogiram. Sai an kai shi wurin masanin halayyar koyo ko sashen ilimi na musamman, irin wanda yake Jami'ar Bayero ko Jami'ar Jos, an auna shi an rubuta rahoto. Mafi yawansu ba a kai su ko'ina. Daƙiƙi ake ce musu, a yi ta bulala har su bar makaranta.

Ga malamai da masu makarantu, musamman jami'an jarabawa: gurbin nan da kuke tsallakewa a fom ba ado ba ne. Ku tambayi iyaye kafin ku cike. Yaron da kullum yake kallon bakinku, yake kwafar umarni daga littafin na kusa da shi, yake amsa abin da ba a tambaye shi ba, yake ƙoƙari a rubutu amma ya faɗi a shifta, kafin ku ce taurin kai ne ku ce a kai shi awon kunne.

Inda muke yanzu: an gyara rijistar, na gani da idona, na ɗauki hoto. Makaranta ta rubuta wa ofishin hukumar na jiha, kwafin yana hannuna, muna jiran amsa. An sake mata jarabawar Tattalin Arziki a ofishin mataimakin shugaba. Malamin da ya fizge takardar ya zo har gida da kansa ya ba ta haƙuri, ya tsaya a gabanta yana magana a hankali don ta ga bakinsa, abin da ya sa na ji ya kwanta mini. Ita dai har yanzu ba ta ce ta fasa maganar ɗinki ba, amma jiya da daddare na ga ta ɗauko littafin tsofaffin tambayoyi. Na haɗa mata fayil mai leda, kwafin odiyogiram da wasiƙar likita da wasiƙar makaranta, da shi za ta riƙa shiga kowace takarda. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan koma makarantar in ji ko amsar ta zo, in ba ta zo ba ni da jami'in jarabawar za mu tafi ofishin tare.